Na musulunta a Jidda, shin sai na canza sunan da ke fasfona?

Assalamu alaikum. Ni ɗan jihar Gombe ne, shekarata shida ina aikin gwajin jini a wani asibiti mai zaman kansa a Jidda. Wata huɗu ke nan da Allah Ya shiryar da ni na karɓi Musulunci, na zaɓi Abdurrahman. Amma fasfona da iƙamata da duk takardun makaranta Istifanus Yohanna ne a jiki. Abokan sallata sun matsa in je in mayar da komai Abdurrahman Abdullahi, wai bai dace musulmi ya riƙa yawo da sunan coci ba. Mahaifina yana raye, shi ne Yohanna ɗin. Matata da yarana biyu suna gida, yaran da sunana aka yi musu rajista, kuma ina son in kawo su ziyara bana. Ina kuma son umara a watan azumi. Fasfon nawa saura shekara biyu da rabi ya mutu. Me ya kamata in yi?

Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi, Malam Abdurrahman. Allah Ya tabbatar da dugaduganka.

Shawarata a dunƙule ita ce kada ka taɓa fasfo yanzu. Abin da ke da gaggawa a takardunka wani ɗan layi ne a jikin iƙama, katinka na izinin zama a Saudiyya, wurin da aka rubuta addini, kuma gyara shi ba ya buƙatar ka canza ko harafi ɗaya daga sunanka. Sunan mahaifinka kuwa, ko yanzu ko nan gaba, ba naka ba ne balle ka sauya shi.

Mu fara da addinin, tunda da shi aka tsorata ka. Musuluncinka ya cika tun ranar da ka furta kalmar shahada, suna ba ya cikin sharuɗɗansa. Umar da Usman da Aliyu da sunayensu na kafin Musulunci suka shigo, da su kuma suka koma ga Allah.  Mariya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), daga Kiristocin Masar ta fito, Mariya ta ci gaba da amsawa. Waɗanda Annabi ya canza wa suna, ma'anar sunan ce ta jawo. Abdurrahman ɗan Aufu, takwaranka, sunansa na da yana nuna bautar wanin Allah ne, shi ya sa aka sauya masa. Wata 'yar Umar ana kiranta da sunan da ke nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Barra, wato mai yawan ɗa'a, ya ga akwai yabon kai a ciki ya mayar da ita Zainab. To auna naka da wannan ma'auni. Istifanus daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa kambi, irin wanda ake aza wa wanda ya yi nasara. Babu bautar wani a ciki, babu zagi. Marigayi Shaikh Bin Baz, wanda ya rasu a 1999 yana babban mai fatawa na ƙasar da kake zaune, ya yi fatawa cewa suna irin su Bulus ba dole ne a canza shi ba, wanda ya zama dole shi ne irin Abdulmasihu, bawan Almasihu. Akwai malaman da suka fi son mutum ya bar sunan da da jin sa an san na wani addini ne, kuma maganarsu tana da hujja. Sai dai wannan ka riga ka yi shi. A masallaci Abdurrahman ake kiranka, a wurin aiki ma haka. Sunan mutum shi ne wanda ake kiransa da shi ya waiwayo. Mu Hausawa ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu: nawa ne aka yanka musu rago da Muhammadu, takarda ta ce Sani, gari kuma ya san su da Ɗanjuma?

Inda abokanka suka yi kuskure babba shi ne Abdullahin da suka liƙa maka a baya. Al'ada ce da ta yaɗu, duk wanda ya musulunta sai a ce ɗan Abdullahi, da hujjar wai kowane uba bawan Allah ne. Amma a tsarin sunanmu da na Larabawa, suna na biyu yana faɗin wanda ya haife ka ne. Zaidu ɗan Harisa ya yi shekaru ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, sai aya ta 5 ta suratul Ahzabi ta sauka ta ce a kira su da iyayensu, shi ne mafi adalci a wurin Allah. Idan danganta kai ga Annabi ma ba a bar shi ba, ina ga wani Abdullahin da babu shi? Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani a kan wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Ikirima ɗan Abu Jahal har yau da sunan ubansa ake ambatonsa a littattafai, Nana Safiyya kuma 'yar Huyayyu ce, shugaban Yahudawa, ba a goge shi ba. Wani zai ce maka to ka mayar da Yohanna Yahaya mana, ai duk ɗaya ne. A ma'ana suna da alaƙa, amma tsohon nan bai taɓa amsa Yahaya ba, kuma ba shi ke jikin katinsa ba. Ranar da za a nemi takardar da ta nuna kai ɗansa ne, ma'aikacin da ke bayan tebur harufa zai duba, ba tafsiri ba. Ka kuma tuna mutumin yana raye. Labarin ka sauya addini nauyi ne da yake ɗauke da shi, labarin ka cire sunansa daga naka kuwa zai ji shi kamar ka yafe shi ne. Idan mahaifiyarka ta kira waya ta ce Istifanus, ka amsa mata da na'am, babu zunubi a ciki.

Yanzu ga abin da za ka tashi a kansa cikin makon nan. Ɗauko iƙamarka ka duba wurin da aka rubuta الديانة, za ka ga har yanzu addininka na da ne. Da wannan layin hukuma ta san ka, ba da sunan da limami ya kira ka ba. Wanda katinsa bai nuna Musulunci ba ba ya shiga Makka, kuma akwai shingen bincike a Shumaisi a kan hanyarku ta Jidda. Ba kowace mota ake tsayarwa ba, shi ya sa wasu ke cewa ka sa harami ka wuce kawai. Kada ka yi. Ranar da aka tsayar da ku, dogon bayani da Larabcin asibiti ba zai fisshe ka ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa amma gaskiya ne: in ta Allah ta kasance a nan, da katin za a yi aiki wajen yanke ko a yi maka wanka da salla a binne ka cikin musulmi, ko a ajiye gawa ana jiran ofishin jakadanci da dangi.

Hanyar gyaran ta fi yadda kake zato sauƙi. Ka je ofishin da'awa na baƙi, wanda kowa ke kira jaliyat, suna ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Harkokin Musulunci, kuma Jidda akwai su a unguwanni da yawa. Idan a masallacin unguwa ka yi shahada a gaban jama'a aka yi kabbara aka watse, to a wurin Allah ya isa, amma a wurin hukuma ba ka da komai a hannu. Ka tafi da iƙama da fasfo da hotuna, a buɗe maka fayil, a fitar maka da takardar shaidar shiga Musulunci. Kafin ka bar wurin, karanta ta da kyau. Abin da kake nema a ciki shi ne sunanka kamar yadda yake a fasfo, harafi da harafi, da lambar iƙamarka daidai, sannan Abdurrahman a matsayin sunan da ka zaɓa. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne murna ta sa mutum ya karɓi takarda mai sabon suna kaɗai, ya kai ta gaba a ce masa wannan ai ba kai ba ne. Daga nan sai jawazat, hukumar fasfo ta Saudiyya mai kula da iƙama. Tunda kana ƙarƙashin kafalar asibiti, ka kai wa ofishin ma'aikata su haɗa ka da mu'aƙƙibinsu, mutumin da ke bin musu takardu a ma'aikatun gwamnati. Idan an gyara, buɗe Absher, manhajar gwamnati da ke nuna bayanan iƙamarka, ka tabbatar da idonka, sannan ka nemi izinin umara a manhajar Nusuk. Kada ka bari sai Sha'aban ya raba, lokacin kowa yana rububi. Takardar kanta ka yi mata kwafi da yawa, ka ɗauki hotonta a waya, asalin kuma ka adana ta tare da fasfo.

To me ya sa na ce ka bar fasfo? Saboda jawazat ba ta ƙirƙirar wa baƙo suna. Abin da ke fasfo shi take kwafa. Fasfo kuma na Nijeriya ne, kuma hukumar shige da fice ba ta buga sunan da ya saɓa da na NIN. Ke nan canjin ba a Jidda yake farawa ba, daga gida yake farawa: rantsuwa a babbar kotu, sanarwa a jaridar da ake karantawa a faɗin ƙasa, gyaran NIN, gyaran BVN a banki, sannan neman sabon fasfo mai sauyin bayanai, wanda ba kamar sabuntawa ba ne, yana jiran amincewa daga Abuja. Sai ka dawo nan ka bi iƙama, da banki, da inshorar lafiya, da kwantiragin aiki, da lasisin tuƙi, da layin waya. A tsakanin farkon wannan tafiya da ƙarshenta akwai watannin da kake mutum biyu a takarda, kuma a cikin watannin nan ne ake shan wuya. Ka tura kuɗi gida daga asusun Istifanus zuwa asusun da ya riga ya koma Abdurrahman, a ɗauke shi tamkar kuɗin da ka tura wa wani, a fara tambayarka alaƙarku. Ka sayi tikiti da suna ɗaya, bizar fita da dawowa tana ɗauke da wani.

Kai kuma naka ya fi na direba ko mai aikin gini sarƙaƙiya, saboda da takarda kake cin abinci. Lasisinka na hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya an gina shi ne a kan shaidar karatunka da rajistarka ta gida, waɗanda kamfanin tantance takardu na DataFlow ya bi har makarantar ya tantance. Duk Istifanus Yohanna ne. Makarantu da hukumomin jarrabawa ba sa sake buga shaida don mutum ya canza suna daga baya, gyaran kuskuren rubutu kawai suke saurara. Wato har ka yi ritaya, duk inda ka nemi aiki, ko Riyad ko Ƙatar ko gida, sai ka haɗa da takardun da ke bayanin cewa wancan da wannan mutum ɗaya ne. Kada ka raina wannan. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ƙolin Nijeriya ta soke zaɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsarwa, saboda sunayen da ke takardun mataimakinsa sun sha bamban da juna. Tun daga wannan hukunci lauyoyi ke jan kunnen mutane cewa rantsuwar kotu da 'yar sanarwar jarida ba su wadatar ga mai takardun karatu ba, sai an haɗa da takardar sauyin suna wadda lauya ke tsarawa, a kuma buga a gazet ɗin gwamnati.

Sai maganar yara, wadda ita ce ta fi ƙarfi a cikin dalilaina. A tsarinmu na gida sunan uba na yanka shi ke zama sunan yaro na biyu. A ce 'yarka Alheri Istifanus ce a takardar haihuwa da fasfo. Ka nemi bizar ziyarar iyali da iƙama mai ɗauke da Abdurrahman Abdullahi. Jami'in da ke dubawa zai ɗora takardar yarinyar kusa da taka, ya nemi kalma ɗaya da ta haɗa ku, ya rasa. Takardar aurenku ma da tsohon suna take. A ƙasar da nasaba ke tafiya da sunan uba da kaka, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, kuma toshe shi yana nufin fassara da hatimi da zirga-zirga, ko kuma ka bi yaran su ma ka canza musu nasu, da takardun makarantarsu, da yardar mahaifiyarsu. Yau kuwa, da takardunka yadda suke, komai ya yi layi ɗaya: Istifanus a fasfonka, Istifanus a takardar aure, Istifanus a bayan sunan yara. Ka kawo iyalinka tukuna da wannan layin da bai karye ba.

Idan bayan an kwana biyu ka ga har yanzu ranka yana son ganin Abdurrahman a takarda, wannan buri ne mai kyau, kuma akwai hanyar da ba ta da ɓarna sosai. Ka ƙara, kada ka goge. Istifanus Abdurrahman Yohanna, sabon sunan a tsakiya. Duk tsohuwar takarda tana da kalma biyu cikin uku da suka dace da sabuwa, yara suna nan a manne da kai, tsoho yana nan a wurinsa. Wanda ya goge Istifanus gaba ɗaya ya bar Abdurrahman Yohanna bai yi laifi a shari'a ba, amma ya sayi wahalar da na lissafa a sama.

Lokacin da ya dace shi ne sa'ad da fasfon ya doshi mutuwa, tunda dole ma ka sake shi, kuɗi ɗaya aiki biyu. Da shekara biyu da rabin da ta rage maka, ga yadda zan tsara. Bana addini a iƙama, umara, ziyarar iyali, ba ka taɓa komai ba. Hutun baɗi in ka je gida, ka ga lauya, a yi rantsuwa da takardar sauyin suna da sanarwa. Jaridar ka sayi kwafi uku ko huɗu cikakku, kada ka yanko ɗan akwatin sanarwar kaɗai, domin ana son ganin sunan jaridar da kwanan wata a saman shafin. A wannan hutun ka shigar da gyaran NIN, idan ya fito ka bi da BVN, don kada banki ya ga saɓani ya taƙaita maka asusu. Amma ka dawo Jidda da tsohon fasfonka. Wannan wurin ne mutane ke faɗawa rami: mutum ya karɓi sabon fasfo mai sabon suna a gida, alhali bizarsa ta fita da dawowa tana ɗaure da tsohuwar lamba da tsohon suna. Sabunta fasfo na yau da kullum kafili kan sabunta bayanansa ta Muqeem, shafin intanet da kafilai ke bin takardun ma'aikatansu baƙi, amma sauyin suna ba ya wucewa ta nan, sai an je jawazat da takardu, kai kuma kana waje kwanakin bizar suna ƙonewa. Saboda haka sabon fasfon ka neme shi kana nan, ta ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda ko babban na Riyad, ana saura kamar wata tara tsohon ya mutu, don jinkiri ya same ka da sarari. Idan ya fito, ka nemi wasiƙa daga ofishin jakadancin da ke shaida cewa mai tsohon fasfo da mai sabo mutum ɗaya ne, a fassara ta zuwa Larabci a ofishin fassara mai lasisi, a buga mata hatimin Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan mu'aƙƙibi ya kai jawazat da fasfo biyun. Lambar iƙamarka mai lamba 10 ba ta canzawa, ita ce igiyar da ta riƙe shekarun aikinka da haƙƙinka na ƙarshen aiki, saboda haka ba za su zube ba. Da iƙama ta fito, banki ne farko, kafin ranar albashi, sai lasisin aiki, sai sauran.

Kada ka fara wannan aiki a lokacin da kake shirin sauya kafili, ko lasisinka ya kusa sabuntawa, ko kwantiragi ya zo ƙarshe ana lissafin haƙƙinka. Fayil ɗaya mai motsi ya isa.

Wani ƙaramin abu da ke jawo babbar wahala shi ne rubutun sunan kansa. Ka zaɓi suna mai fuska da yawa a boko: Abdurrahman, Abdulrahman, Abdulrahaman, Abdul Rahman. Na ƙarshen nan, mai tazara a tsakiya, na'ura kan ɗauke shi suna biyu, ka wayi gari sunanka Abdul, na tsakiya Rahman. Tun yau ka tsayar da rubutu ɗaya, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe a 'yar takarda, duk inda za a cike fom ka miƙa ta maimakon ka faɗa da baki. Haka ma na Larabcin, domin iƙama harshe biyu take ɗauke da shi, kuma banki a nan yakan duba na Larabcin. Wurin farko da za ka yi amfani da 'yar takardar nan shi ne ofishin jaliyat, ranar da za su rubuta maka shaidarka. Tsohon fasfon kuma, ko an huda shi an soke, kada ka yar, shi ne ke ɗauke da bizar da ka fara shigowa ƙasar da ita.